Kwamfutata na komawa 2010 duk safiya, sai na danna F1, a taimaka

Malam Sani (Garwa): Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah ina neman taimako. Ina da ɗan shago na buga takardu da fotokofi a nan Garwa, kwamfutar tebur ce tsohuwa da na saya okaziyo, tana min aiki lafiya tun da na saye ta, amma yanzu duk safiya in na kunna sai ta tsaya a baƙin allo ta rubuta wannan

```
CMOS Date/Time Not Set
Press F1 to Run SETUP
Press F2 to load default values and continue
```

in na danna F2 sai ta fara shiga Windows sannan ta yi shuɗin allo ta koma farko. Yaron da ya sa min Windows ɗin ya nuna min in danna F1 in je wani wuri da ake ce ma SATA Mode in mayar da shi AHCI in danna F10, to haka nake yi kullum kafin ta yarda ta buɗe, kuma in ta buɗe sai in ga kwanan wata 01/01/2010 ƙarfe 00:00. Jiya wata ɗaliba ta zo in buɗe mata imel in fitar mata da takarda, intanet ɗin ya ƙi, yana cewa Votre horloge est en retard, sai da na gyara agogon da hannu tana tsaye tana jira. Wani ya ce min bairos ne sai an yi fomatin. Ni tsorona takardun mutane da ke ciki.

Ɗanjuma (Kuseri): Wa alaikumus salam Malam. Bairos ne kam, nima ta taɓa min haka agogo na canjawa shi kaɗai, a kwashe takardu a filas a sake Windows kawai a huta

Usumanu mai gyara (Marwa): Malam Sani kar ka yi fomatin, dan Allah kar ka bari a taɓa Windows ɗin nan. Wannan rubutun da ka turo yana fitowa ne tun kafin Windows ya tashi, daga allon uwar kwamfutar yake fitowa, ko ka sake Windows sau goma gobe da safe zai dawo. Akwai wani ɗan pil mai faɗi kamar kwabo a kan kart mer ɗin, wato allon uwar, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato wurin nan da kake shiga da F1, lokacin da babu wuta a jikin injin, shi ne ya mutu ina da yaƙini. Amma kafin ka kashe ko dala bari in tambaye ka abu biyu. In ka kashe ta ka sake kunnawa nan take ba tare da ka zare waya ba, tana tambayar F1 ɗin? Sannan da dare in za ka rufe shago me kake yi da wutar?

Malam Sani (Garwa): In na yi redemare da rana ba ta tambaya, agogon ma na nan daidai. Sai in an ɗauke kuran ko kuma da safe. Da dare kam ina kashe mabuɗin raloj ɗin gaba ɗaya in zare daga bango saboda tsoron wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone min kaya

Usumanu mai gyara (Marwa): To ka gama ba ni amsa. Kwamfutar tebur ko a kashe take, muddin wayarta na jone a bango kuma akwai kuran, akwai ƴar wuta ta 5 V da akwatin wutar ke ci gaba da bayarwa, ita ke ciyar da agogon, pil ɗin na hutawa. Shi ya sa da rana ba ka ganin komai. Da ka zare da dare sai nauyin ya koma kan pil, shi kuma babu komai a cikinsa, agogon ya tsaya, abin da ka ajiye da F10 ya goge, da safe injin ya tashi da saitin da ya fito da shi daga kamfani. A saitin kamfanin naka SATA Mode na kan IDE, shi kuma Windows ɗinka a kan AHCI aka sa shi, shi ya sa F2 ke kai ka shuɗin allo, Windows ya nemi faifan ta hanyar da ya sani bai same shi ba. Faifan lafiyarsa ƙalau, takardun mutane babu abin da ya same su, pil ɗin ba shi da alaƙa da abin da ke cikin faifai ko kaɗan.

Kuma ka ci gaba da zarewa da dare, daidai kake yi, irin yadda wuta ke dawowa a garuruwanmu gara ka riƙa canja pil da ka canja akwatin wuta. Kawai ka sani naka zai fi saurin ƙarewa a kan na ofishin da ba a zarewa.

Hajiya Hadiza (Ngaundere): Salam, nima agogon tawa fortabil ɗin ba daidai yake ba, kullum yana gaba da awa ɗaya, in na gyara bayan ɗan lokaci in na shiga intanet sai ya koma. Nima pil ɗin zan canja kenan? Dan ni ban san inda ake buɗe ta ba ma

Usumanu mai gyara (Marwa): A'a Hajiya naki daban ne, kar ki buɗe komai. Pil in ya mutu ba ya kuskuren awa ɗaya cif, ko dai ya mayar da ke shekarun baya ko kuma agogon ya tsaya a lokacin da kika kashe. Mintocinki daidai suke ko? Awar ce kawai ta wuce?

Hajiya Hadiza (Ngaundere): Eh minti daidai yake da na wayata, awar ce kawai. Kuma lokacin sanyi ba ya yi, ban san dalili ba

Musa ɗalibi (Ngaundere): Hajiya wannan yankin lokaci ne, wanda ya sa miki Windows na Faransanci ya bar shi a kan Paris. Su can suna ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu Kamaru da Cadi ba ma canjawa duk shekara muna UTC+1, shi ya sa lokacin sanyi kuke daidai da su. Ki danna dama a kan agogon ki shiga wurin gyara kwanan wata, a Fuseau horaire ki zaɓi (UTC+01:00) Afrique centrale - Ouest shi kenan

Hajiya Hadiza (Ngaundere): Wallahi a kan Paris yake. Na canja ya daidaita, Allah ya yi maka albarka ɗana

Malam Sani (Garwa): Usumanu na gode ƙwarai, hankalina ya kwanta kan takardun. To yanzu wane irin pil zan nema kuma ni da kaina zan iya ko sai na ɗauko ta zuwa wurin mai gyara? Ban taɓa buɗe ta ba

Usumanu mai gyara (Marwa): Za ka iya Malam, ko minti goma ba zai ɗauka ba. Sunansa CR2032, 3 V ne, masu gyaran agogo da masu sayar da kayan lantarki duk suna da shi, shi ne ake sa wa wasu makullan mota da sikelin awo. Ka riƙe lambar da kyau dan akwai ƴan uwansa CR2025 da CR2016, faɗinsu ɗaya milimita 20 amma kaurin ya bambanta, naka 3.2 ne, na biyun 2.5, na ukun 1.6, a ido kamar ɗaya suke amma siririn ba ya cika gurbin yana rawa a ciki kuma ba ya daɗewa.

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar sakan 15 dan sauran wutar da ke ciki ta fita. Ka kwance sukurori biyu na baya ka zame murfin gefe, wasu ma babu sukuru hannu ne kawai kake ja. Kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin tukuna, musamman yanzu da iska ta bushe, ka san yadda mutum ke taɓa ƙofar mota ta ɗan ja shi, wannan ɗan jan ya isa ya lalata abu a kan allon. Za ka ga pil ɗin yana sheƙi a kwance cikin baƙin gurbi, galibi a ƙasa kusa da inda ake soka katin hoto, wani lokaci wayoyi na rufe shi sai ka ɗan kawar da su a hankali. A gefen gurbin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke danne bakinsa, ka tura shi baya da farce, pil ɗin zai ɗago da kansa. Kar ka sa turnabis ka banƙaro shi ta ƙasa, gurbin roba ne ya sha zafi shekaru, in ya karye aikin ya koma na mai soda. Sabon kuma gefen da ke da rubutu da alamar + shi ke kallonka, ka fara sa gefe ɗaya ƙarƙashin ƴan haƙoran sannan ka danna har ka ji ƙas. Ka kama shi ta gefe da yatsa, kar ka kama shi da hantsakin ƙarfe sama da ƙasa, haɗe shi kake yi.

Farkon kunnawa bayan ka canja za ta sake tambayar F1, kar ka ce bai yi ba, dole ne, dan ba ta san lokaci ba tukuna. Ka shiga ka sa kwanan wata da lokaci, ka mayar da AHCI ɗinka, F10, ka amsa Yes.

Ɗanjuma (Kuseri): To in pil ne ai ba sai ya saya ba, ka cire shi ka goga a riga ko ka sa a rana ya ɗan yi caji ka mayar, muna yi wa na rimot haka yana tashi. Kuma na ji in ka cire pil ɗin nan fasuwod ɗin kwamfuta na gogewa, a kula

Musa ɗalibi (Ngaundere): Yaya Ɗanjuma CR2032 ba ya caji, litiyom ne na amfani sau ɗaya, rana ma cutar da shi take yi. Gogewar dai tana iya taimakawa in datti ne ko tsatsa ya hana shi taɓa ƙarfen, wannan gaskiya ne

Usumanu mai gyara (Marwa): Maganar fasuwod rabi gaskiya ce. Fasuwod ɗin shiga Windows yana cikin faifai, pil ba ruwansa da shi, yana nan yadda yake. Na BIOS ne a wasu tsoffin na tebur ke gogewa in an cire pil, amma fortabil na ofis irin ThinkPad ba a nan suke ajiye shi ba, ko ka cire pil wata guda yana nan. Abin da nake so masu karantawa su kula da shi ya fi wannan. Malam Sani shi ya riga ya san saitin da injinsa ke so dan kullum yana sawa. Amma wanda pil ɗinsa ya fara rauni ne kawai, agogo na baya amma saitin bai goge ba tukuna, kafin ya cire ya shiga BIOS ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, musamman SATA Mode da Boot Mode ko UEFI ne ko Legacy da jerin abin da ke fara tashi. An sha kawo min injin da aka canja wa pil lafiya lau sai ya rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ko No bootable device, mai shi ya ɗauka faifai ya mutu har wani ya yarda aka masa fomatin, alhali layi ɗaya ne za a mayar yadda yake. Wanda kuma ke da BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, ya tabbata mabuɗin nan mai lamba 48 na hannunsa kafin ya taɓa komai, canjin saiti na iya sa ya nema.

Abakar (Njamena): Jama'a ni na makarantarmu HP ne guda uku, ba CMOS suke rubutawa ba, lamba suke bayarwa 163 wani lokaci 162, abu ɗaya ne?

Usumanu mai gyara (Marwa): Ɗaya ne Abakar, kowane kamfani da yadda yake faɗa. HP na tebur 162-System Options Not Set da 163-Time & Date Not Set, Dell kuma Time-of-day not set ko Alert! System battery voltage is low. A HP da F10 ake shiga saitin, Dell F2. In an rufe ɗakin kwamfuta duk dogon hutu babu wuta, ana dawowa sai ka ga sun fara yi kusan tare dan sa'o'in juna ne, ka canja duka ukun lokaci ɗaya.

Malam Sani (Garwa): Salam. Na sayo jiya wurin wani mai tebur a bakin kasuwa sefa 300, na bi yadda ka ce, ya shiga ya yi ƙas, na gyara lokaci da AHCI, na yi aiki har dare lafiya. Yau da safe na kunna ta koma 2010 da F1 ɗinta. Raina ya ɓaci wallahi, ko dai ba pil ɗin ba ne?

Ɗanjuma (Kuseri): Na faɗa muku bairos ne

Usumanu mai gyara (Marwa): Yi haƙuri Malam, ba mu gama ba. Sabo a kwali ba shi ne mai rai ba, wasu sun shekara nawa a kan tebur cikin ranar Garwa, wasu kuma jabu ne sunan babban kamfani kawai aka buga. Ka cire shi ka fara karanta lambar jikinsa da idonka, sannan ka kai su duka biyu tsohon da sabon wurin mai gyaran waya ko rediyo ya auna maka da miltimita. Ya juya zuwa DCV 20, jan tsinke a gefen +, baƙi a ɗaya gefen. Mai kyau sabo zai nuna 3.2 zuwa 3.3. In ya nuna ƙasa da 3 kuma wai sabo ne kar ka karɓa. Na cikin inji in na ga ya sauko 2.8 ni canjawa nake yi ba na jira, dan wannan pil ɗin yana daɗewa a kusa da 3 sannan in ya fara faɗuwa da sauri yake tafiya. Sannan ka haska tocila cikin gurbin ka duba ɗan ƙarfen da ke ƙasa, ko ya kwanta ya daina taɓa pil ko ya yi kore ko ƙura ta daskare a kai.

Musa ɗalibi (Ngaundere): Oga Usumanu ni a gwaji nake sa ƙaramin LED a jikinsa in ya kama na san yana da rai, ba sai an nemi mita ba

Usumanu mai gyara (Marwa): Zai nuna maka wanda ya mutu murus, amma jan LED na kamawa da wutar da ta kai 2 V ma, ka ga pil mai 2.4 zai haska maka alhali ba kowane allo zai riƙe da shi ba. In babu mita ya fi babu, amma ban dogara da shi.

Malam Sani (Garwa): Na kai wa maƙwabcina mai gyaran waya. Tsohon ya nuna 0.6, wanda na sayo jiya 2.3, lambar dai CR2032 ce daidai. Ya aiki yaronsa wani shago mai rufi ya sayo wani a cikin katinsa a rufe sefa 1000, mun buɗe a gabansa ya nuna 3.28. Ƙarfen ƙasan kuma akwai ƙura ja sosai, na goge da auduga da ɗan alkol na bari ya bushe. Na sa, na gyara saitin. Yanzu sai na jira gobe kenan?

Usumanu mai gyara (Marwa): Ba sai gobe ba. Kashe ta yanzu, zare waya daga baya, danna maɓallin kunnawa sakan 15 kamar ɗazu, ka bar ta minti 20 ka jona ka kunna. In ta wuce kai tsaye zuwa Windows da lokaci daidai to ya riƙe. Da ma wannan gwajin ya kamata duk wanda ya canja ya yi, dan in waya na jone ko babu pil a ciki sam injin zai nuna kamar ya warke.

Malam Sani (Garwa): Alhamdulillahi ta wuce, babu F1 babu shuɗi, lokaci daidai da wayata, imel ma ya buɗe ba ƙorafin agogo. Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Shekara nawa wannan zai kai ni?

Musa ɗalibi (Ngaundere): Baba a lissafi mai kyau na ɗauke da wajen 220 mAh, in allon na jan kamar 5 µA to awa 44,000 kenan wato kusan shekara 5 ko da kullum a zare take, amma kowane allo da yadda yake ja kuma zafi na rage masa

Usumanu mai gyara (Marwa): A aikace a nan ni shekara 3 zuwa 5 nake gani. Tsoffin biyun nan kuma Malam kar ka bar su a kan tebur ko ka ba yara su yi wasa, in yaro ya haɗiye yana iya maƙalewa a maƙoshi ya ƙone shi cikin ƴan awoyi, asibiti ne nan take ba jira. Ka naɗe su da salatif ka ajiye inda hannu ba ya kai.

Abakar (Njamena): Na canja na HP ukun, biyu sun daidaita. Na ukun kam wannan shi ne karo na biyu, dan ashe wanda ke kula da ɗakin kafin ni ya canja masa wata biyu da suka wuce, na auna wanda ya sa ya sauko 1.9, nawa sabo 3.25 na sa yau. Me ke shanye shi haka?

Usumanu mai gyara (Marwa): Ba mu san ko nasa mai kyau ne tun farko ba, ka ga abin da ya faru da Malam Sani. Ka rubuta 3.25 da kwanan yau a takarda ka manna cikin murfin, bayan sati biyu ka sake aunawa. In ya zauna sama da 3 to nasa ne jabu. In ya faɗi sosai to allon ne ke zuƙa, ko danshi da ƙura a kewayen gurbin, ko ɗan dayod da ke raba wutar pil da ta bango ya lalace. A allon da ke da jampa mai ƙafa uku da aka rubuta CLR_CMOS ina duba ko an manta ɗan murfin da ke haɗa ƙafa biyu a 2-3 maimakon 1-2, amma yawancin HP na ofis ɗan maɓalli ne mai ruwan ɗorawa, ka duba ko bai maƙale a danne ba.

Musa ɗalibi (Ngaundere): Ni dai da ni ne ba zan wahala ba, in akwai intanet a bar Windows ya riƙa gyara lokacin da kansa duk tashi, tsohon inji ne gyaran allo zai fi kuɗinsa

Abakar (Njamena): Ɗakin namu babu intanet Musa, kuma ko akwai ai tana tsayawa a F1 tun kafin Windows, ɗalibai ba su san me za su danna ba. Maɓallin na duba yana dawowa lafiya. Zan manna takardar in auna bayan sati biyu in turo muku lambar. Oga Usumanu in ya zama dayod ɗin ne ana samun mai canja shi ko sai dai a nemi wani allon okaziyo?

Usumanu mai gyara (Marwa): Mai gyaran waya da ke da injin iska mai zafi zai iya in ya gano wanne ne, ganowar ce aikin dan babu zanen allon a hannu. Ka fara wanke kewayen gurbin da alkol da tsohon buroshin haƙori, gaba da baya in za ka iya ciro allon, ka bari ya bushe sosai kafin ka mayar da pil. Turo min hoton wurin da kyau da haske tare da lambar injin in duba.